Ɓarawon da Rana Ta Tsaya wa Shaida

Ga kacici-kacici kafin mu zauna. Wane ɓarawo ne ba shi da launi, ba shi da wari, ya shiga kwalba bakinta a liƙe, ya yi kwana bakwai yana ɓarna a gabanmu, kuma da muka ɗora shi a sikeli sai zafin Maiduguri ya tsaya masa shaida aka sallame shi? Riƙe amsarka tukuna. Ni ma na ba da amsa har sau uku, duka ban dace ba.

Abin ya faro ne ranar wata Litinin cikin watan Afrilu, a ƙaramin ɗakin gwajin jini inda nake aiki. Ɗalibar da ke horo a wurinmu ta ɗago kai daga madubin duba ƙwayoyin cuta ta ce, "Malam, zo ka ga wani abu. Jinin nan kamar gara ta ci shi." Na sa ido. Jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ya kamata su fito sumul kamar ƙananan faifai masu ɗan haske a tsakiya, duk sun yi huji-huji. Tsakiyar kowace kamar an sa ƙusa an ɓula, gefen ramin yana ƙyalli idan ka murɗa madubin sama ko ƙasa. Na ce a kawo gilashin wani majiyyaci. Haka. Na uku, yaro ɗan shekara huɗu. Haka. Mutum uku da ba su haɗa gida ba, ba su haɗa ciwo ba, ba za su kwana su tashi da cuta iri ɗaya a jini ba. Ɓarnar daga wajenmu take. To daga hannun wa?

Domin mai karatu ya bi sawun tare da ni, ga yadda aikin yake. Idan ana neman maleriya, ɗigo biyu ake yi a kan gilashi. Ɗaya mai kauri, wanda ake bari ya bushe a rina shi kai tsaye, ruwan rinin ya farfasa jajayen ƙwayoyin ya bar ƙwayar cutar a fili. Ɗayan kuma a ja shi siriri, ya bushe, a tsoma shi cikin metanol na ɗan lokaci don ƙwayoyin su kafe da siffarsu, sannan a rina. Rinin shi ne Jimsa, wanda Bajamushe Gustav Giemsa ya fitar a 1904, ana sirka shi da ruwan bafa mai pH 7.2, kashi 10 cikin ɗari na minti goma idan ana sauri. Mai kauri yana gaya maka akwai cuta ko babu. Siririn shi ke gaya maka wace iri ce, da kuma halin da jinin kansa yake ciki. Shi ne ya lalace mana. Kuma lalacewar ba ta ado ba ce: ƙwayar falsifarum tun tana ƙarama ɗan zobe ce a cikin jar ƙwaya, kuma rami mai ƙyalli yana iya ɓoye zoben, ko ya yi kama da shi a idon wanda ya gaji.

Wadda na fara zargi ita ce ɗalibar. Ina da dalili. Sabon hannu yana gaggawa: ya ja jini, bai gama bushewa ba ya tsoma a metanol, ko ya hura masa iskar baki don ya bushe da wuri. Laimar numfashi kaɗai tana haifar da irin waɗannan ramuka. Ban faɗa mata ba. Na ce ta zauna ta huta, na soki yatsana, na ja siririn da hannuna, na bar shi minti goma a iskar Afrilu da take busar da wanki kafin ka gama shanya. Na kafe, na rina, na duba.

Huji-huji. Yarinya ba ta da laifi, kuma na gode Allah da bakina bai riga gwajin ba.

Na biyu a layi ruwa ne. Duk wanda ya yi aikin lab a garin nan ya san ruwan burtsatse ba ɗaya ba ne, na wata unguwa ya sha bamban da na wata, kuma idan ruwan da aka tace ya ƙare akwai mai cewa a yi maneji. Na auna bafa, ta tsaya a 7.2. Na zubar duk da haka, na jiƙa sabuwar ƙwayar bafa a lita ɗaya ta tataccen ruwa. Babu canji. Da na natsu ma sai na ga tun farko zargin ba shi da ƙafa. Bafa idan ta karkace launi take ɓatawa: ta yi tsami jini ya fito ja-jawur, ta haura ya fito shuɗi-shuɗi. Ba ta huda ƙwaya. Launinmu kuwa daidai yake.

Sai gilasan. Maiƙo a kan gilashi yana yin ramuka, gaskiya ne, amma a shimfiɗar jinin yake yin su, fili-fili tsakanin ƙwayoyi inda jini ya ƙi kwanciya. Namu a cikin ƙwayoyin suke. Duk da haka mun fasa sabon kwali, mun goge. Haka dai. Ranar Alhamis ta zo, kwana huɗu ke nan muna ba da sakamakon mai kauri kaɗai, muna ce wa masu neman sauran bayani su yi haƙuri ko su je wani wuri.

Daren nan na kwanta ina jujjuya abu ɗaya. Mai kauri lafiya lau yake fitowa. Rini ɗaya ne, bafa ɗaya, gilashi ɗaya, hannu ɗaya. Me siriri yake taɓawa wanda mai kauri ba ya taɓawa?

Abu ɗaya tak. Metanol.

Da sassafe na buɗe littafin karɓar kaya. Kwali ɗaya, kwalabe huɗu masu lita biyu da rabi, sun iso daga Kano ta hanyar Potiskum da Damaturu, mun buɗe ta farko ranar Asabar, kwana biyu kafin ɗalibar ta kira ni. Sawu ya hau. Takardar shaidar inganci da ta zo da kayan ta ce tsarki kashi 99.8 cikin ɗari, ruwa bai wuce kashi 0.1 ba, nauyi giram 0.791 zuwa 0.792 a kowace mililita. Wannan na ƙarshen zan iya gwadawa da abin da nake da shi. Ruwa ya fi metanol nauyi, don haka metanol da ya sha ruwa dole ya yi nauyi fiye da ƙa'ida. Na ɗauko busasshen filas ɗin awo mai dogon wuya na mililita 100, na ɗora shi da murfinsa a sikeli na mayar da sifiri, na cika shi zuwa layi, na toshe da sauri don kada ya tsere, na mayar. Tsarkakakke zai ba da giram 79.1 ko 79.2.

Sikeli ya yi rawa. Ya tsaya.

79.2.

Na sake. 79.2. Babban wanda ake tuhuma ya fita fes, da shaidar takarda da ta sikeli. Na mayar da kwalbar kan kanta ina jin kamar na ci zalinta.

A nan ne Baba ya shigo maganar. Shi ne dattijon da ya fi kowa daɗewa a ɗakin, yana rina jini tun kafin a haifi ɗalibar tamu, kuma yana da wata ɗabi'a ta ɓoye ragowar kaya a bayan kabad saboda ranar da mota ba ta zo ba. Ya ce, "Malam, sikelinka ya faɗi nasa. Bari gilashi ma ya faɗi nasa." Ya zaro tsohuwar kwalba ta zubin da ya gabata, da saura kamar kofi ɗaya a gindinta, murfi a ɗaure tam. Muka soki yatsa ɗaya, muka ja gilashi biyu, suka bushe tare. Ɗaya a tsohon metanol, ɗaya a sabo. Rini ɗaya, minti ɗaya.

Na tsohuwar kwalba ya fito kamar hoton littafi. Na sabuwa, gara ta ci.

Yanzu shaidu biyu sun saɓa. Madubi ya ce sabuwar kwalba ce mai laifi. Sikeli ya ce ba ita ba ce. Ɗayansu yana ƙarya, kuma ban san wanne ba. Ɗalibar ce ta ce, a hankali, "Malam, to a auna ta Baba mana." Muka busar da filas, muka cika.

77.8.

Muka yi tsit. Mai kyau ta faɗi jarrabawa. Marar kyau ta ci. Kuma faɗuwar ma ta wata fuska ce da ba ta da ma'ana, domin me za ka zuba a metanol ya rage masa nauyi haka? Na duba sikeli da ma'aunin giram 100 na gwaji, daidai yake. Na duba filas, ba tsaga. Na koma kan takardar. Na karanta layin nauyin sau ɗaya. Sau biyu. A karo na uku idona ya sauka kan ɗan rubutun da ke gefen lambar, wanda na saba tsallakewa.

A digiri 20.

Na ɗaga kai na dubi ma'aunin zafin da ke rataye a bango. Babu wuta tun safe, na'urar sanyaya ɗaki a kashe. Digiri 35.

Ga ɓarawon, ga mai tsaya masa. Metanol yana buɗewa da zafi fiye da yadda mutum zai zata: kowane digiri ɗaya yana rage kusan giram 0.09 daga nauyin mililita 100. Digiri goma sha biyar tsakanin ɗakin da aka rubuta takardar da ɗakinmu sun kai kusan giram 1.4. Ke nan tsarkakakken metanol a ɗakinmu ba 79.2 zai ba da ba, wajen 77.7 zai ba da. Kwalbar Baba, da 77.8, ita ce mai gaskiya tun farko. Sabuwar kuwa ta haura ta da giram 1.4. Kowane kashi ɗaya cikin ɗari na ruwa yana ƙara wa mililita 100 kusan giram 0.3. Raba 1.4 da 0.3, ka samu kusan biyar. Ruwa kashi biyar cikin ɗari, ninki hamsin na abin da takarda ta yarda da shi.

Dubi yadda abin ya daidaita. Ruwan ya ƙara giram 1.4. Zafin ya ɗebe giram 1.4. Suka haɗu a tsakiya suka miƙo mini ainihin lambar da nake nema. Da ruwan kashi goma ne, da sikeli ya nuna sama da 80 na kama shi tun ranar Juma'a da safe. Da a cikin sanyin Janairu ne, da asuba, da ya tona kansa. Sai da ya zama wannan adadin, a wannan watan, a wannan garin. A kowace kwalba mai lita biyu da rabi akwai ruwa wajen mililita 100, kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata, kwance cikin abin da ido ba zai taɓa rarrabewa ba, domin metanol da ruwa suna gauraya ne gaba ɗaya, ba sa yin layi kamar mai da ruwa.

Yadda yake ɓarnar kuma ga shi. Aikin metanol shi ne ya kafar da furotin ɗin ƙwayar nan take, kafin komai ya motsa. Idan da ruwa a ciki, ruwan yana riga shi: ya jiƙa busasshiyar ƙwayar, ya narkar da wani ɓangare na sinadarin da ke ba jini launinsa ya ture shi gefe, sannan metanol ya kafe ta a haka, da ramukanta. Ruwa kashi ɗaya ma yana fara nunawa a madubi. Biyar kuwa, gara.

Na ɗauko biro a fusace zan rubuta wa Alhaji, mai kawo mana kaya. Baba ya dafa takardar. Ya ce, "Idan ni ne Alhaji, ka san abin da zan ce? Ku kuka bar ta a buɗe." Gaskiyarsa. Metanol yana zuƙar laima daga iska, kowa a sana'ar ya sani, kuma wannan ce amsar farko da duk mai sayarwa zai bayar. Saura tambaya ɗaya ke nan: ruwan a ɗakinmu ya shiga, ko da shi ya zo?

Hujjoji biyu na zuciya suna gefenmu. A watan Afrilu iskar Maiduguri ba ta da laimar da za ta ba kwalba mililita ɗari cikin mako guda, da a Agusta ne sai a saurara. Idan kuma aka ce metanol ɗin ne ya tsere ya bar ruwa, to kafin kashi 0.1 ya zama biyar sai kusan duk kwalbar ta ƙafe, tamu kuwa ko wuyanta ba ta gama sauka ba. Amma hujjar zuciya ba ta cika wasiƙa. Muka ɗauko kwalba ta biyu, muka ɗauki hoton hatiminta bai karye ba, muka fasa a gaban mutum uku, muka auna nan take gefe da gefe da ta Baba, a zafi ɗaya. 79.2. Ta uku muka aika da ita a liƙe zuwa wani ɗakin bincike da ke da na'urar Karl Fischer, hanyar auna ruwa da aka san ta tun 1935, wadda ba ruwanta da zafin ɗaki. Ta huɗu muka kulle a kabad ba wanda ya taɓa. Sakamako ya dawo: ruwa kashi 4.9.

A lokacin da nake kwafe lambobi don wasiƙar ne na ga abu na ƙarshe. Lambar zubin da ke jikin kwalabe, wadda muke kira lambar lot, ta ƙare da 42. Ta kan takardar shaidar ta ƙare da 07. Takardar gaskiya ce, amma ta wasu kwalabe ce daban. Gabana ya faɗi, domin ƙasar nan ta san inda irin wannan yake kaiwa. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe yara 84, saboda an haɗa shi da dayetilin gilaikol, guba, a maimakon sinadarin da ake zaton an saya. Namu ruwa ne kawai, ba wanda ya sha. Amma ƙofar da ya bi ita ce waccan: suna a jikin mazubi, ba wanda ya gwada abin da ke ciki.

Na yaga shafin farko, wanda kalmar algus ta fito a cikinsa sau biyu. Ban ga wanda ya zuba ruwa ba. Zai yiwu daga duro aka ɗura kwalaben, zai yiwu shi ma Alhaji haka aka sayar masa. Abin da na auna shi na rubuta:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa metanol da muka karɓa daga wajenku, kwali ɗaya mai kwalabe huɗu na lita biyu da rabi, bai cika ƙa'idar da aka sayar mana da shi a kanta ba. Lambar rasit, ranar karɓa da lambar lot suna saman wannan takarda.

"Takardar shaidarku ta ce ruwa bai wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba. A digiri 35, mililita 100 daga kwalba ta farko ta ba da giram 79.2, haka ma ta biyu da muka fasa hatiminta a gaban shaidu. Metanol na zubin baya ya ba da 77.8 a sikeli ɗaya, a sa'a ɗaya. Kwalba ta uku ta je gwajin Karl Fischer a liƙe, an sami ruwa kashi 4.9. Na haɗo da kwafin sakamakon, da hotunan hatimi, da hoton jini ɗaya da aka kafe da tsoho da kuma sabo.

"Lambar lot da ke kan takardar shaidar ba ita ce ke jikin kwalaben ba. Muna roƙon takardar da ta dace da su.

"Mun daina amfani da kayan, mun ware su. Kwalba ta huɗu tana nan da hatiminta, a shirye muke a gwada ta a duk ɗakin binciken da ka zaɓa, a gaban wakilinka. Muna neman a canza mana kwalin ko a mayar da kuɗin cikin kwana goma sha huɗu, a gaya mana a rubuce inda kayan suka fito, kuma a sanar da duk wanda aka sayar wa wannan lot ɗin, domin masu duba jini da shi suna iya ba da sakamakon da ba daidai ba. Idan ba a janye shi ba, wajibinmu ne mu kai rahoto ga hukumar NAFDAC. Mun daɗe muna ciniki lafiya, muna so mu ci gaba a haka. Na gode."

Kwana uku shiru. Ran na huɗu waya ta yi ƙara. Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "Malam, da na ga wasiƙarka na yi niyyar ce maka ku kuka bar ta a buɗe. Sai na kai wurin kwalba ta huɗu." Ya ce a wajen wani dillali ya cike odar da nasa ya ƙare, kuma akwai wurare biyu da ya tura wa irin kwalin, zai kira su kafin la'asar.

Sabon kwali ya iso a motar Kano cikin mako. Kafin in sa hannu a takardar direba na gwada lambar kwalba da ta shaida, suka dace. Ɗalibar ta ɗauko filas, Baba ya zaro kwalbarsa daga bayan kabad, na dubi bango: digiri 36. Ta cika zuwa layi, ta toshe, ta ɗora.

77.6.